Kilomita 47.9 a fayil, 42.0 a ƙafar keke: yadda aka tsabtace bayanan GPS na tafiya ɗaya

## Asalin lamarin

Wani mai hawan keke don motsa jiki ya saba naɗar tafiyarsa da ƙaramar na'urar GPS da ke rubuta inda yake sau ɗaya a kowace daƙiƙa. A jikin keken kuma akwai mita mai ƙirga juyin ƙafar gaba. Da kansa ya auna kewayen tayar a ƙasa, ya samu milimita 2,105, ya shigar da shi cikin mitar.

Ranar Asabar ya tashi ƙarfe 6:40 na safe, ya tsaya ƙarfe 8:50, wato awa 2 da minti 10, ko daƙiƙa 7,800. Hanyar ta ratsa tsakanin dogayen gine-gine, ta bi ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, ta fita fili, akwai kuma gangara guda mai tsawo. Ya yi hutu ɗaya na kusan minti 14 a gefen wani gini, ban da ƴan tsaye-tsaye a mahaɗar hanya. Mitar ƙafa ta nuna kilomita 42.0, lokacin motsi awa 1 da minti 52, matsakaicin gudu kilomita 22.5 a awa.

Na'urar GPS ta fitar da fayil irin na GPX. A cikinsa kowane ɗigo yana ɗauke da `lat` da `lon` na wuri, `ele` na tsayin ƙasa da `time` na lokaci, kuma wannan na'urar tana ƙara `sat` da `hdop`, wato yawan taurarin ɗan'adam da ta yi aiki da su da kuma ma'aunin yadda suka bazu a sama. Tsarin GPX 1.1 bai ware wa gudu gurbi ba, kuma na'urar ba ta ƙara shi ba, don haka daga wuri da lokaci kaɗai za a fitar da komai. Ɗigo 7,712 ne a fayil ɗin, ba 7,801 ba, saboda sigina ta ɗauke na daƙiƙa 90 a ƙarƙashin ƙasa.

## Asabar da yamma: lissafin farko

Abin da kowa zai fara yi shi ya yi. Ya auna tazarar kowane ɗigo da na bayansa, ya tara su. Ya yi amfani da lissafin `haversine`, wanda ke ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo mai nisan mita 6,371,000 daga tsakiya zuwa doro:

```python
from math import radians, sin, cos, asin, sqrt

def nisa(a, b):
    p1, p2 = radians(a.lat), radians(b.lat)
    dp, dl = p2 - p1, radians(b.lon - a.lon)
    h = sin(dp/2)**2 + cos(p1)*cos(p2)*sin(dl/2)**2
    return 2 * 6371000 * asin(sqrt(h))
```

Jimilla ta fito kilomita 47.9, ƙarin 5.9 kan abin da mitar ƙafa ta faɗa. Da ya raba da awa 2 da minti 10 sai ya samu kilomita 22.1 a awa, wanda bai yi nisa da 22.5 ba. Gudu mafi girma tsakanin ɗigo biyu kuwa ya fito mita 840 a daƙiƙa ɗaya, fiye da kilomita 3,000 a awa.

Sai ya zana layin a kan taswira. A wurare goma sha ɗaya layin ya yi tsalle gefe ya dawo cikin daƙiƙa biyu, ɗigo ɗaya tak a kowane wuri. Babban cikinsu shi ne mai mita 840, sauran goman sun kauce da mita 40 zuwa 110. A tsakanin dogayen gine-ginen kuma akwai ɗigo shida a jere da suka koma can gefe da mita 310, suka yi tafiya tare a kan layin da babu hanya, sannan suka dawo. Ɗigo huɗu na farkon fayil ɗin suna mita 350 daga inda ya san ya tashi. Wurin hutun kuwa ya zama curin zare a kan taswira, alhali keken yana jingine.

Dalilin irin wannan tsalle sananne ne. Na'urar GPS tana gane inda take ne daga lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta iso daga taurarin da ke sama da kusan kilomita 20,200, kuma sai ta samu aƙalla huɗu. Siginar tana tafiya da gudun haske, saboda haka jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300. Idan gini ya tare siginar da ke zuwa kai tsaye, na'urar ta kama wadda ta bugi bangon wani gini ta dawo, to ta auna hanyar da ta fi ta gaskiya tsawo, wurin da za ta bayar kuma zai goce. Haka nan lokacin da aka kunna ta, kafin ta kama taurari da yawa.

Kowane tsalle sau biyu yake shiga lissafi, zuwa da dawowa. Mai mita 840 shi kaɗai ya ƙara kusan mita 1,670. Rukunin shidan ya ƙara 610, sauran goman 1,170, na farkon fayil kuma 350 saboda shi dawowa kawai yake da ita. Sun haɗu kilomita 3.8.

## Lahadi da safe: lailaye layin

Yunƙurin farko shi ne maye gurbin kowane ɗigo da matsakaicin ɗigo biyar: shi kansa, biyu a gabansa, biyu a bayansa. Jimilla ta sauko zuwa kilomita 44.0.

A kan taswira kuwa tsallen bai tafi ba. An dai raba shi gida biyar. Ɗigon da ya kauce da mita 840 ya shiga lissafin maƙwabtansa huɗu, sai aka samu ɗigo biyar da kowannensu ya kauce da mita 168, inda a da ɗaya ne kawai ya ɓaci. Rukunin shidan bai ragu ba ko kaɗan a tsakiyarsa, tunda ya fi biyar tsawo, hawansa da saukarsa ne kawai suka zama matakala. Ƙananan tsallen sun fi ba da matsala. Wanda ya kauce da mita 65 ya koma mita 13, kuma mita 13 zuwa 15 a daƙiƙa gudu ne da keke kan yi a gangara. Ma'ana, bayan lailayewa babu sauran alamar da za a raba su da tafiyar gaske. Ya watsar da wannan fayil ɗin, ya koma kan na asali, wanda tun farko ya ajiye kwafinsa bai taɓa ba.

## Lahadi da rana: iyakar gudu

Na biyu, ya sa iyaka: duk ɗigon da gudun isa gare shi daga na bayansa ya wuce iyakar, a cire shi. Da farko ya sa kilomita 40 a awa, sai aka yi awon gaba da yawancin gangarar, inda mitar ƙafa ta nuna ya kai 58. Ya ɗaga iyakar zuwa mita 25 a daƙiƙa, wato kilomita 90 a awa. Wannan ta fi ƙarfin abin da zai iya yi a kan keken, ta kuma gaza mafi ƙanƙantar tsalle, mai mita 40.

An cire ɗigo 25, jimilla ta zama kilomita 45.1. Da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, 12 ne kawai ɓatattu, 13 lafiyayyu ne. Dalili shi ne kowane tsalle yana haifar da gudu marar kan gado har sau biyu, kuma na biyun yana faɗawa ne kan ɗigon kirki da ya biyo baya, wanda ba shi da laifin komai sai dawowa kan hanya. Asarar lafiyayyen ɗigo ɗaya a nan da can ba ta taɓa nisa sosai. Abin da ya taɓa shi shi ne waɗanda aka bari. A rukunin shidan, na farko ne kaɗai aka cire. Sauran biyar ɗin suna tafiya da gudu na hankali a tsakaninsu, kowanne ya yi daidai da na bayansa, sai suka tsira. Haka ɗigo huɗun farko. Ɓatattu tara suka rage da kusan mita 960 a tare da su.

Ya gwada `hdop` ko zai kamo su. Huɗun farko sun nuna 9.8 da taurari huɗu, waɗannan a bayyane suke. Rukunin shidan kuwa `hdop` ɗinsu 1.1 ne da taurari tara, kamar na kowane lafiyayyen ɗigo. Wannan ma'auni yana faɗin yadda taurarin suka warwatsu a sama ne kawai. Bai san ko sigina ta zo kai tsaye ko ta biyo ta bangon gini ba.

## Lahadi da dare: gwaji da ɗigon da aka amince da shi

Canjin da ya yi ƙarami ne. Maimakon a gwada ɗigo da wanda ke bayansa a fayil, a gwada shi da ɗigo na ƙarshe da aka yarda da shi, a kuma raba da ainihin lokacin da ke tsakaninsu:

```python
kept = [pts[0]]
for p in pts[1:]:
    dt = p.t - kept[-1].t
    if dt > 0 and nisa(kept[-1], p) / dt <= 25:
        kept.append(p)
```

Ga yadda ta yi da rukunin shidan. Ɗigo na farko yana mita 310 daga amintaccen cikin daƙiƙa ɗaya, an ƙi shi. Na biyu, kusan nisan ɗaya cikin daƙiƙa biyu, mita 155 a daƙiƙa, an ƙi shi. Haka har na shida, wanda ya ba da kusan 52. Na bakwai ya dawo kan hanya, yana kusan mita 44 gaba cikin daƙiƙa bakwai, mita 6 da ɗoriya a daƙiƙa, aka karɓe shi. Babu lafiyayyen ɗigon da ya tafi. Gibin ƙarƙashin ƙasa ma ya wuce lami lafiya: mita 520 cikin daƙiƙa 90 bai kai mita 6 a daƙiƙa ba. Da an ɗauka cewa kullum daƙiƙa ɗaya ce tsakanin ɗigo da ɗigo, da wannan ya zama tsallen ƙarya. Sharaɗin `dt > 0` kuma yana nan saboda na'urori kan rubuta ɗigo biyu da lokaci ɗaya, raba lamba da sifili kuwa zai tsayar da aikin.

Saura wuri ɗaya. Layin farko na lissafin ya amince da ɗigon farko ba tare da bincike ba, shi kuma ɓatacce ne. Sauran ukun sun yi daidai da shi, aka karɓe su. Da na'urar ta dawo hayyacinta, sai lafiyayyun ɗigon suka zama su ne masu tsalle, aka yi ta ƙin su sama da goma a jere, har lokaci ya yi tsawon da mita 350 ta shiga ƙarƙashin iyaka. Daga nan aka karɓi ɗaya, aka kuma tara mita 350 ɗin cikin nisa.

Gyaran shi ne kada a fara sai daga wurin da ɗigo goma a jere suka yi daidai da juna, kuma `hdop` ɗinsu bai kai 3 ba. Da wannan aka cire ɗigo 21 cif, su ne ɓatattun da aka gani a taswira, 7,691 suka rage. Jimilla ta zama kilomita 44.1, gudu mafi girma kuma ya koma kusa da kilomita 60 a awa.

## Litinin: sauran kilomita biyun

Tsalle ya ƙare, amma har yanzu akwai ƙarin kilomita 2.1. Ya kasu gida biyu.

Na farko yana wuraren tsayawa. Na'urar da ke ajiye wuri ɗaya ba ta bayar da lamba ɗaya, wurin da take nunawa yana ɗan yawo. Tazara kuwa ba ta zama ƙasa da sifili, don haka duk motsin ƙarya ƙari ne, zuwa gabas da dawowa yamma ba sa soke juna. A gefen ginin nan yawon ya kai fiye da mita ɗaya a daƙiƙa. Gwada gudun daƙiƙa ɗaya bai iya gano tsayawar ba, domin mita ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa gudun mai tafiya da ƙafa ne, ko mai keke a kan tudu mai tsauri. Abin da ya yi aiki shi ne duba daƙiƙa 20 a dunƙule: idan tsakanin inda yake yanzu da inda yake daƙiƙa 20 da suka wuce bai kai mita 15 ba a miƙe, to a tsaye yake, kada a tara nisa, kada a ƙirga lokacin cikin na motsi. Da haka aka ware daƙiƙa 1,050 na tsayawa, da kilomita 1.2 da suka taru a cikinsu. Saura 42.9. Mitar ƙafa ta ƙirga daƙiƙa 1,080, kuma bambancin 30 ɗin ya fito ne daga gajerun tsayawa da ba su kai daƙiƙa 20 ba.

Na biyu yana cikin tafiyar kanta. A gudun kilomita 22.5 a awa, mita 6.25 ce tsakanin ɗigo da ɗigo. Idan ɗigo ya goce gefe da mita 1.2 idan aka gwada da na bayansa, tazarar da za a auna ita ce `sqrt(6.25**2 + 1.2**2)`, mita 6.36. Ƙarin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, ido ba zai gan shi a taswira ba, amma a tafiyar kilomita 42 ya kusa mita 800. Wannan matsala ta fi tsananta ga mai tafiya a hankali, domin takunsa gajere ne, gocewar kuwa ba ta raguwa.

A nan aka dawo da matsakaicin ɗigo biyar da aka watsar ranar Lahadi, tunda yanzu babu tsallen da zai shafa wa maƙwabta. An yi shi yanki yanki, ba a haɗa ɗigon da ke gefen gibin ƙarƙashin ƙasa da na ɗaya gefen ba. Ya gwada faɗi daban-daban don ya ga yadda lambar ke motsi: ɗigo uku sun ba da 42.3, biyar 42.1, goma sha biyar 41.7. Na ƙarshen a taswira yana yanke kwanoni, layin yana ratsa kusurwar gine-gine. Ɗigo biyar sun rufe kusan mita 25 na hanya, kuma layinsu bai bar kan titi ba a ko'ina, shi ya sa ya tsaya a kansu.

Bai saka tsayin ƙasa cikin lissafin ba. Tudun da ke hawa mita 5 a kowace mita 100 yana ƙara wa nisa kusan mita ɗaya da kwata ne kawai a kilomita, alhali lambar `ele` ta GPS ta fi ta wuri rawa, da an saka ta da ƙaryar da za ta kawo ta fi gaskiyar yawa.

## Sakamako

Nisa: kilomita 42.1. Lokaci daga tashi zuwa tsayawa: daƙiƙa 7,800. Lokacin motsi: daƙiƙa 6,750, wato awa 1.875.

Matsakaicin gudu biyu ne, kuma duka ya rubuta su da sunansu. Na tafiyar gaba ɗaya, har da hutu, 42.1 a raba da awa 2 da minti 10, kilomita 19.4 a awa. Na lokacin motsi, 42.1 a raba da 1.875, kilomita 22.5 a awa.

Dukansu jimillar nisa ce aka raba da jimillar lokaci. Bai tara gudun kowane ɗigo ya raba da yawansu ba, domin bayan cire ɗigo da gibin sigina tazarar lokaci ba ɗaya ba ce, kuma yankin daƙiƙa 90 zai samu nauyi ɗaya da na daƙiƙa ɗaya. Kuskure ne irin na wanda ya yi kilomita 10 a gudun 30, wasu 10 a gudun 10, ya ce matsakaicinsa 20 ne. Ya ci minti 20 da minti 60, wato kilomita 20 cikin minti 80, matsakaicinsa 15.

## Hukunci

Lambar da ta fi haɗari a duk aikin ita ce 22.1 ta ranar farko, domin ta yi kama da gaskiya. Nisan da ya kumbura da kashi 14 cikin ɗari aka raba da lokacin da ya haɗa da hutu, kurakurai biyu suka rufa wa juna asiri. Mita 840 a daƙiƙa da zanen taswira su suka tona lamarin. Haka 44.0 ta lailayewa ta fi 45.1 ta iyakar gudu kusa da amsa, amma fayil ɗinta ya fi lalacewa. Kusancin jimilla da abin da ake tsammani bai isa shaida ba, sai an duba waɗanne ɗigo aka cire da waɗanda aka bari.

Ƙarin kilomita 5.8 da aka zare daga 47.9 iri uku ne, kowanne da maganinsa: tsalle 3.8, yawo a tsaye 1.2, rawar tafiya 0.8. Jerin aikin ma yana da tasiri. Lailayewa ta ɓata aiki da aka sa ta a gaba, ta gyara shi da aka sa ta a ƙarshe.

Bambancin mita 100 tsakanin 42.1 da 42.0 ba abin kafa hujja ba ne, ko ta wane ɓangare. Lissafin `haversine` kan kauce wa ainihin siffar duniya da abin da ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kusan mita 200 a wannan nisa. Kuskuren milimita 10 a awon taya ma kusan haka yake bayarwa, kuma iskar taya da nauyin mahayi suna iya kawo shi. A ƙarƙashin ƙasa kuma an ja miƙaƙƙen layi na mita 520 inda hanyar ta lanƙwasa, wasu mitoci sun ɓace a can. Abin da za a iya faɗa shi ne kilomita 42, da ɗan sama ko ƙasa.

Lambobin iyaka kuma na wannan tafiyar ne. Mita 25 a daƙiƙa za ta share tafiyar mota a babbar hanya, ga mai tafiya da ƙafa kuwa ta yi sako-sako har tsallen mita 20 ya wuce ba a gani ba. Hanyar amintaccen ɗigo ita ma tana da inda take gazawa. Da rukunin nan mai mita 310 ya daɗe daƙiƙa 13 maimakon shida, da gudunsa ya sauko ƙasa da 25, an karɓe shi, daga nan kuma shi zai zama amintacce, a riƙa ƙin lafiyayyun da ke dawowa kan hanya. Alamar hakan ita ce ɗigo masu yawa da aka ƙi a jere. Saboda haka ya ƙara layin da ke rubuta lokacin duk wurin da aka ƙi ɗigo fiye da takwas a jere, domin ya buɗe taswira ya duba wurin da idonsa kafin ya karɓi lissafin.